Na gaji da "in sha Allahu": ku taya ni gyara saƙon neman bashina

Maman_Atamfa:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina saro atamfa a Kantin Kwari ina ba wa masu shaguna, kuma akwai wata Hajiya a Zariya, sa'ar yayar mahaifiyata, wadda muka shekara uku muna hulɗa ba tare da wata matsala ba. A watan Janairu na ba ta kaya bashi, ta biya wani abu, saura ya maƙale har yau da muke cikin watan Mayu. Sau huɗu ina tura mata saƙo ta WhatsApp, kuma duk kusan iri ɗaya ne da wannan na ƙarshe:

"Slm Hajiya, ya kasuwa? Dama batun maganar nan ne, na ji shiru. Don Allah a ɗan duba min, wallahi ina cikin wani hali."

Amsarta ba ta taɓa wuce "In sha Allahu, 'yata, bayan Sallah" ba. Ƙaramar Sallah ta zo ta wuce, yanzu ban sani ba ko babba take nufi. Ba na son in yi mata rashin kunya, amma jarina ne a hannunta. Yaya zan rubuta saƙon da zai sa ta ba ni amsa ta gaskiya ba tare da na zubar da mutuncinta ko nawa ba?

Dattijon_Kwari:
Wa alaikumus salam. 'Yata, kafin a yi maganar Hajiya, mu duba saƙonki tukuna. Na karanta shi sau biyu ban ga kuɗi ba, ban ga kaya ba, ban ga rana ba. Idan aka nuna wa baƙo wannan saƙo, ba zai iya cewa bashi ake nema ba, zai iya ɗauka maganar aure ce ko ta adashe. Mai shago irin Hajiya tana iya kasancewa da mutum biyar ko shida da ke bin ta kuɗi a lokaci guda, kuma idan ciniki ya shigo, wanda ya faɗi adadinsa da ranarsa shi ake fara sallama, saboda shi ne ya tsaya mata a rai. Ke kuwa kin tambaye ta abin da "in sha Allahu" ya isa ya amsa, ita ma ta amsa miki da shi. Ki faɗa mana lissafin dalla-dalla: turmi nawa, a kan nawa, yaushe, kuma nawa ta biya.

Maman_Atamfa:
Na gode Baba. Ranar 13 ga Janairu 2025 na aika mata turmi 20 a kan ₦14,500 kowanne, jimla ₦290,000, bisa alkawarin za ta kammala biya ƙarshen Fabrairu. Ta turo ₦100,000 ranar 3 ga Fabrairu, sannan ₦60,000 ranar 10 ga Maris. Saura ₦130,000 ke nan.

Jarumin_Sabongari:
Ni a ganina kina wahalar da kanki ne da neman kalmomi masu daɗi. Wanda ya riƙe kuɗinki wata uku bayan wa'adi ya san abin da yake yi. Ki gaya mata kin ba ta kwana uku, idan ba ta biya ba za ki kai ta wurin 'yan sanda, kuma za ki sa hotonta a Status kowa ya gani. Na taɓa yi wa wani haka, washegari kuɗina suka shigo.

Lauya_Mai_Shayi:
Jarumi, Allah ya taimake ka naka ya zo da sauƙi, amma kada Maman_Atamfa ta bi wannan hanya. Bashin ciniki ba laifi ba ne da 'yan sanda za su kama mutum a kansa. Dokar 'Yan Sanda ta 2020, a sashe na 32, ta hana a kama mutum saboda saɓa yarjejeniya kawai, kuma wanda ya sa aka tsare abokin cinikinsa a kan bashi yana iya tsintar kansa a gaban kotu ana neman diyya a hannunsa. Sa hoton mutum a Status da kalaman da ke nuna shi macuci ne kuwa ƙofar ƙarar ɓata suna ce, wadda za ta iya cin fiye da kuɗin da ake nema.

Akwai kuma abin da ya fi wannan muhimmanci ga mai tambaya. A halin yanzu, idan Hajiya ta wayi gari ta ce dubu hamsin kawai ake bin ta, me ke hannun Maman_Atamfa? Shaidar shigowar kuɗi daga banki tana nuna abin da aka biya ne kawai, ba ta nuna abin da aka yi ciniki a kai ba. Saƙonnin nan huɗu kuwa babu adadi a cikinsu. Saboda haka aikin farko na sabon saƙon shi ne ya sa Hajiya ta amince da lissafin a rubuce, ko da ba ta biya ko sisi a ranar ba. Idan ta rubuto "haka ne" a ƙarƙashin saƙon da ke ɗauke da adadi da ranaku, an riga an sami rabin abin da ake nema.

Malama_Hausa:
Na yarda da Lauya, kuma bari in gwada rubutawa don mu sami abin da za mu yi gyara a kai, maimakon mu yi ta magana a iska:

"Assalamu alaikum Hajiya. Ina fatan kuna lafiya, ya gida, ya kasuwa? Na rubuto ne game da atamfa turmi 20 da na aiko ranar 13 ga Janairu 2025 a kan ₦14,500 kowanne, jimla ₦290,000. Na karɓi ₦100,000 ranar 3 ga Fabrairu da ₦60,000 ranar 10 ga Maris, na gode. A lissafina saura ₦130,000. Don Allah a duba littafi a tabbatar min ko haka yake a wajenku. Ina roƙon a kammala biya zuwa ranar Juma'a, 23 ga Mayu. Idan biya gaba ɗaya zai yi nauyi, a faɗa min nawa za a iya bayarwa a ranar, da kuma ranar da za a cika sauran. Lambar asusuna tana ƙasa. Allah ya ƙara albarka a kasuwa."

Ku lura ban ce "kin ƙi biya" ko "kin saɓa alkawari" ba, domin ranakun da kansu sun faɗi hakan ba tare da an ɗora mata laifi da baki ba. Na yi amfani da "a duba" da "a faɗa min" a maimakon "ki duba" da "ki faɗa min", saboda haka yaro yake yi wa babba magana a wurinmu, kuma wannan ladabi bai rage ko kwabo daga adadin ba. Na kuma ambaci abin da ta biya tare da godiya, don ta ga cewa ba a manta da ƙoƙarinta ba. Kalmar "ɗan" da ke cikin "a ɗan duba min" na cire ta da gangan, saboda tana ƙanƙantar da maganar, kamar alfarma ake nema alhali haƙƙi ne.

Ummu_Khalil:
Malama, saƙon ya yi kyau, amma me ya sa kika cire "ina cikin wani hali"? Ni a ganina wannan ne zai taɓa zuciyar Hajiya. Mu mata mun san juna, idan ta ji cewa yarinyar tana cikin matsi za ta fi saurin motsawa fiye da idan aka jera mata lambobi kamar ma'aikacin banki.

Malama_Hausa:
Na cire shi ne saboda yana mayar da mai haƙƙi mai roƙo. Da zarar kin ce kina cikin wani hali, kin buɗe gasar wa ya fi shiga hali, kuma mai shago ba ta rasa nata labarin: haya ta ƙare, kasuwa ta tsaya, yaro ba lafiya. Daga nan sai ki koma kina yi mata jaje. Ban da haka, kalmar tana nuna cewa da ba ki cikin matsi da babu laifi a ci gaba da riƙe kuɗin.

Dattijon_Kwari:
A nan zan tsaya tsakaninku. Kukan talauci ba ya cikin saƙon kasuwanci, amma dalili na kasuwa yana da wuri, in dai gaskiya ne. Idan 'yata ita ma wanda ta saro kayan a hannunsa yana jiran kuɗinsa kafin Babbar Sallah, ta faɗi haka a jimla ɗaya: "Nima ina da cikon da zan kai wa mai kaya kafin ƙarshen wata." Duk ɗan kasuwa ya san wannan sarƙa, kuma Hajiya za ta gane cewa ranar 23 ba daga sama aka tsinko ta ba. Abin da nake gargaɗi a kai shi ne ƙirƙirar dalili. Na san wanda ya ce mahaifiyarsa tana asibiti don a biya shi, aka biya shi, daga baya aka gano ƙarya ce, kuma tun daga ranar babu wanda ya ƙara ɗaukar maganarsa da nauyi a layinmu.

Sabon_Shiga:
Gaskiya ni ma abin nan yana damuna. Wani ya turo min hoton shaidar tura kuɗi ta WhatsApp, na ba shi kaya, har yau kuɗin ba su shigo ba. Shin akwai yadda ake gane hoton bogi?

Lauya_Mai_Shayi:
Sabon_Shiga, naka daban ne, domin idan hoton na jabu ne to zamba ce, kuma wannan kam maganar 'yan sanda ce. Ka buɗe masa zare na daban. A taƙaice dai, kada ka saki kaya sai ka ga kuɗin a cikin asusunka da idonka.

Maman_Atamfa:
Ina shirin kwafar saƙon Malama sai na buɗe littafina don in tabbatar da ranakun, na ga wani abu da na manta shaf. A watan Fabrairu Hajiya ta dawo min da turmi biyu ta hannun direba saboda rini ya zuba a jikinsu, ni kuma na mayar wa mai kaya ya canza min, na sayar wa wata. Ban taɓa cire su daga lissafinta ba. Turmi biyu ₦29,000 ne, saboda haka abin da nake bin ta ₦101,000 ne, ba ₦130,000 ba. Kunya ta kama ni sosai.

Dattijon_Kwari:
Alhamdu lillahi da kika duba kafin ki tura. Wataƙila ma wannan ne asalin shirun. Mai yiwuwa Hajiya ta san akwai turmi biyu a tsakani, ba ta san ko kin cire su ba, ita kuma tana jin nauyin ta tayar da maganar kada a ce tana neman ragi, sai kowa ya yi ta kewaye-kewaye. Da kin tura ₦130,000, da kin ba ta hujjar barin maganar biya ta koma maganar kuskurenki, har ta iya cewa ana son a cuce ta. Ki sa turmi biyun a cikin saƙon a fili, ki nuna kin cire su da kanki. Wanda ya ga an rage masa abin da yake nasa tun bai tambaya ba yakan ji nauyin musa sauran.

Dalibin_Fikihu:
Ina so in ƙara wani abu ga masu ganin rubuta adadi da rana ga babba rashin kunya ne. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, aya ta 282 a Suratul Baƙara, a kan bashi take, kuma ta umarci a rubuta shi idan an ƙulla shi zuwa wani wa'adi ambatacce. "Bayan Sallah" da ba a san wace Sallar ba ce, ba wa'adi ambatacce ba ne. Haka kuma ya tabbata a Buhari da Muslim cewa jinkirin mai hali wajen biyan bashi zalunci ne. Sai dai aya ta 280 a surar ta ce idan wanda ake bi yana cikin ƙunci a saurara masa har ya samu sauƙi. Wannan ya sa jimlar Malama ta "idan biya gaba ɗaya zai yi nauyi" ta fi burge ni, domin da ita ce za a gane ko Hajiya mai ƙunci ce ko mai jinkiri. Mai ƙunci zai faɗi abin da zai iya, mai jinkiri kuwa zai sake kawo maganar da babu adadi a cikinta. Abu ɗaya da zan ja kunne a kai: kada a rubuta cewa idan rana ta wuce za a ƙara wani abu a kan kuɗin, wannan kuɗin ruwa ne, ribar da aka haramta.

Jarumin_Sabongari:
To na ji batun 'yan sanda, na janye. Amma har yanzu ina ganin saƙon ba shi da haƙori. Idan 23 ga wata ta zo ba ta biya ba, sai me? Ya kamata ta san akwai abin da zai biyo baya, ko da kotu ce.

Lauya_Mai_Shayi:
Tambayarka tana kan hanya, amma wurin wannan magana ba saƙon farko ba ne. Wannan shi ne karon farko da za a faɗa wa Hajiya adadi, saboda haka ba a riga an san ko za ta ƙi ba. Idan rana ta wuce babu kuɗi kuma babu bayani, saƙo na biyu zai zo gajere: ya tuna ranar da aka tura na farko, ya maimaita adadin, ya ba da sabuwar rana, sannan ya faɗi mataki ɗaya wanda da gaske za a ɗauka. A irin wannan hulɗa, matakin da ya dace shi ne shigo da wani babba da su biyun suke jin nauyinsa, ko shugabannin kasuwarsu. Kotu tana can ƙarshe, kuma ko a kotunan ƙananan basussuka irin wadda aka buɗe a Kano a 2019, ana buƙatar a fara aika wa wanda ake bi takardar neman biya kafin a shigar da ƙara. Wanda ya yi barazanar abin da ba zai aikata ba ya koya wa abokin cinikinsa cewa maganarsa ba ta da nauyi.

Ga kuma wata shawara ta adana shaida. Kotunan Najeriya suna karɓar saƙonnin waya idan an cika sharuɗɗan sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011, amma sai saƙon yana nan. Ki duba ko an kunna Disappearing messages, wato tsarin da ke goge saƙonni da kansa, a hirarku, idan an kunna ki kashe kafin ki tura. Idan ta amsa, ki ɗauki hoton allon yadda lambarta da ranar za su fito, sannan ki yi Export chat ki ajiye kwafi a wani wuri, domin waya tana ɓata, kuma mai saƙo yana iya goge abin da ya rubuta.

Dan_Maradi:
Gaisuwa daga Maraɗi. Duk abin da kuka faɗa daidai ne, amma kun ɗauka cewa Hajiya da kanta take karanta saƙo. A nan wajenmu da yawa daga cikin manyan 'yan kasuwa ba sa karanta boko, yaron shago ko ɗansu ne yake karanta musu. Idan haka ne, saƙon da kuka tsara don kare mutuncinta zai zama an karanta bashinta a gaban yaranta, wataƙila ma a gaban masu sayayya. Ni abin da nake yi shi ne in fara kira ko in tura saƙon murya, mu gaisa sosai, in ce zan turo lissafi a rubuce don kada a manta, sannan in tura. Ta haka rubutun ba ya zuwa kamar sammaci.

Malama_Hausa:
Wannan gyara ne mai kyau, ban yi tunaninsa ba. Abin da zan ƙara kawai shi ne kada muryar ta maye gurbin rubutun, saboda a murya ne mutum yake komawa "dama batun maganar nan ne" ba tare da ya sani ba.

Mai_Shago_Gusau:
Bari in yi magana a matsayin wanda aka taɓa bi bashi, tunda kowa a nan mai bin bashi ne. Shekarar da ta wuce kaya suka kwanta min, mutum uku suna bi na. Biyu suna turo min "ya ake ciki?" kusan kullum, har da dare, kuma gaskiya na daina buɗe saƙonsu, ba don raini ba, sai don ba ni da amsar da zan ba su kuma kowane saƙo yana ƙara min kunya. Na ukun ya rubuto sau ɗaya, ya faɗi adadi, ya tambaye ni nawa zan iya a mako. Na ce dubu goma, ya ce ya amince, kuma duk ranar da na tura yakan rubuto min abin da ya karɓa da abin da ya rage. Shi na fara gama biya duk da nasa ya fi yawa. Amma ba zan ɓoye muku ba, da ya sa min rana ɗaya tak kamar 23 ga wata, da na ji kamar an shaƙe ni. Ni da za a bi tawa, a cire ranar a bar ta ta zaɓa.

Dattijon_Kwari:
Ban yarda a cire ranar ba. An riga an bar ta ta zaɓa, ta zaɓi "bayan Sallah". Kai Allah ya sa kana da niyyar biya, shi ya sa hanyar ta yi aiki a kanka.

Mai_Shago_Gusau:
Ita ma ta biya ₦160,000 a cikin wata biyu, Baba, wannan ba alamar marar niyya ba ce.

Maman_Atamfa:
Na gode muku duka. Hajiya tana karatu da kanta, amma na bi shawarar Dan_Maradi na kira ta da safe muka gaisa, na ce zan turo lissafi. Ga abin da na tura bayan azahar:

"Assalamu alaikum Hajiya, ga lissafin da na ce zan turo. Atamfa turmi 20 na ranar 13 ga Janairu 2025, a kan ₦14,500 kowanne, jimla ₦290,000. An dawo da turmi 2 a watan Fabrairu, na cire ₦29,000. Na karɓi ₦100,000 ranar 3 ga Fabrairu da ₦60,000 ranar 10 ga Maris, Allah ya saka da alheri. Saura ₦101,000. Don Allah a duba a tabbatar min ko haka yake a littafinku. Ina roƙon a kammala zuwa Juma'a, 23 ga Mayu, domin nima ina da cikon da zan kai wa mai kaya kafin ƙarshen wata. Idan gaba ɗaya zai yi nauyi, a faɗa min abin da zai samu a ranar da lokacin da za a cika sauran. Lambar asusuna tana ƙasa. Allah ya ƙara buɗi."

Ta amsa da la'asar. Ta ce lissafin kaya haka yake, amma ita ce ta biya direba ₦3,000 lokacin da aka dawo da turmi biyun, kuma tana ganin ni ya kamata in ɗauka tunda aibin daga kayana ne. Ta ce za ta turo ₦50,000 ranar Juma'a, sauran kuma bayan Babbar Sallah.

Lauya_Mai_Shayi:
Kin sami amincewarta a rubuce, ki adana ta yau. Amma "bayan Babbar Sallah" ta sake dawowa, saboda haka ki amsa da godiya, ki rubuta sabon adadin, sannan ki ambaci rana da lamba a cikin watan Yuni ki nemi ta ce ta amince.

Ummu_Khalil:
Kuɗin direban fa? Ni dai ina ganin ki yafe, ₦98,000 a hannu ta fi gardama a kan dubu uku.

Dattijon_Kwari:
Ba yafewa ba ce idan haƙƙin Hajiya ne. A wajenmu, kayan da suka zo da aibi mai kaya ne yake ɗaukar kuɗin dawowarsu, sai dai idan an yi wani sharaɗi tun farko. Kin tuna abin da kuka ce da ita a lokacin, 'yata?

Maman_Atamfa:
Ta waya muka yi maganar a lokacin, Baba, kuma babu wanda ya rubuta komai a cikinmu. Zan tambayi direban gobe idan ya shigo Kano.